Sun ce za a sa wa ƙanwata wutar lantarki a ka, mu sa hannu ko kar mu sa?

Lawali Sabon Gari: Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, kuma ina son wanda ya sani ya yi magana. Ƙanwata ta zo gida wankan jego, haihuwar fari. Bayan suna da kamar sati biyu sai ta daina barci, tana cewa jaririn ba nata ba ne, nata ya mutu. Daga baya ta daina magana kwata-kwata. Yanzu ba ta ci, ba ta sha sai an ɗura mata, inda ka ajiye ta nan za ka dawo ka iske ta, ko hannunta ka ɗaga sai ya tsaya a sama. Kawunmu da ke Najeriya ya ce a kawo ta, tana kwance a wani asibitin masu taɓin hankali can. Sun yi mata allurai babu canji sosai. Jiya likita ya ce yana son a yi mata magani da wutar lantarki a ka, ya ba mu takardar bayani da Turanci da wata ta sa hannu. Inna tun jiya kuka take, ta ce ba a ƙona wa ɗiyarta ƙwaƙwalwa tana raye. Mijin yana Agadas. Ni aka bar wa maganar.

Hajiya Mariyama: Innalillahi. Allah ya ba ta lafiya, Lawali. Majur Sani yana cikin gidan nan, shi ya yi aiki da masu irin wannan ciwo. Majur, don Allah ka leƙo.

Issufu Kabu-kabu: Wannan ai shi ne wanda ake danna wa mutum a ƙirji in zuciya ta tsaya ko? To in zuciyarta na bugawa me za a yi mata da shi?

Majur Sani: Wa alaikumus salam. Issufu, ba shi ba ne, wancan na zuciya ne, wannan wani aiki ne daban. Lawali ƙanena, sannu da ɗawainiya. Ban ga ƙanwarka ba, saboda haka ba zan yanke maka hukunci ba, amma zan faɗa maka abin da ya kamata takardar nan ta ƙunsa. Na daɗe ina son a samu irinta da Hausa, domin dangi na sa hannu a kan abin da ba a karanta musu ba.

Abin da ka kwatanta, wato mutum ya sandare, ya yi shiru, ya ƙi ci da sha, a ɗaga hannunsa ya tsaya, likitoci suna ce mishi katatoniya. Yana iya biyo bayan ruɗewar hankali ta bayan haihuwa ko ciwon damuwa mai tsanani. Abin da ake fara gwadawa shi ne wani magani mai suna lorazefam, kuma mutane da yawa suna sakewa da shi cikin ƴan kwanaki. In bai yi ba, kuma marar lafiya ba ta ci ba ta sha, lokacin ne ake kawo maganar lantarki. Dalilin gaggawar shi ne magungunan ciwon damuwa suna ɗaukar sati biyu zuwa shida kafin su nuna aiki, alhali wadda ba ta shan ruwa ba ta da wannan lokaci. Ƙoda na iya taɓuwa, jini na iya daskarewa a jijiyar ƙafa saboda kwanciya wuri ɗaya, abincin da ake ɗura mata na iya sauka a huhu. Saboda haka shawarar likitan ba baƙuwa ba ce, irin halin ƙanwarka yana cikin wuraren da wannan magani ya fi yin aiki.

Ba kowa ake yi wa ba. Ana yi wa mai ciwon damuwa mai tsanani da magunguna suka kasa, ko wanda ke dab da kashe kansa, ko mai sandarewa irin wannan, ko wanda hankalinsa ya tashi matuƙa ya kasa kwantawa da magani. Ba a yi wa mutum don yana shan ƙwaya, ko don ya faye faɗa, ko don ya gagari gida.

Baba Alhaji Mamman: Majur, ni na ga abin nan da idona shekaru masu yawa da suka wuce, a wani asibiti da na kai ɗan wana. Ƙarti ne suka danne shi, idonsa biyu, aka sa mishi abin a ka, jikinsa ya banƙare yana ta karkarwa. Da ya tashi bayansa ya yi watanni yana ciwo. Ka ce mini wannan magani ne? Yaro, kar ka sa hannu.

Majur Sani: Baba Alhaji, abin da ka gani gaskiya ne, ba zan musa maka ba. Haka aka fara yin shi. Wasu likitoci biyu ne a birnin Roma, Ugo Cerletti da Lucio Bini, suka fara a 1938, babu allurar barci babu komai, kuma mutane sun riƙa samun tsagewar ƙashin baya da gocewar haɓa saboda ƙarfin jijjigar. Tun wajen shekarun 1950 aka sauya hanya, aka shigo da allurar barci da allurar sakin tsoka. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a daina yin shi babu barci. Sai dai har yanzu akwai wuraren da ake yi ta tsohuwar hanya saboda rashin likitan sa barci. Don haka Lawali, tambayarka ta farko gobe ita ce wannan: za a sa ta barci? Wa zai sa ta? Akwai oksijin a ɗakin?

Ga yadda ake yi in an bi ƙa'ida. Kafin ranar ana awon jini, ana awon zuciya, ana duba tansiyo, ana duba haƙora ko akwai mai girgiɗa. Daga tsakar dare ba ci, awa shida zuwa takwas kafin aikin, don kar ta yi amai cikin barci ya shiga huhu. Da safe a sa mata allura a jijiya, cikin ƙasa da minti ɗaya ta yi barci. Sai a bi da ta sakin tsoka, wadda ke sa jiki ya saki gaba ɗaya na ƴan mintoci, lokacin nan likitan sa barci ne ke hura mata oksijin. A sa mata roba tsakanin haƙora. Sai a ɗora abin da wutar ke bi ta cikinsa a gefen kai, wutar ta wuce na ƴan daƙiƙoƙi kaɗan, ba ta kai daƙiƙa goma ba. Wutar ba ita ce maganin ba. Aikinta ta tayar da ƴar gajeriyar jijjiga a cikin ƙwaƙwalwa, ta kamar daƙiƙa 20 zuwa 60, kuma wannan jijjigar ce ke kawo sauƙin. Wanda ke tsaye a ɗakin ba zai ga banƙarewar da Baba ya gani ba, sai dai yatsun ƙafa suna ɗan motsi ko fuska ta yamutse. Bayan minti biyar zuwa goma ta fara farkawa. Ba ta jin zafi, ba ta ma san lokacin da aka yi ba.

Hajiya Mariyama: To Majur ba za a bar ta da farfaɗiya ba? Tunda ka ce jijjiga ake tayarwa.

Majur Sani: A'a Hajiya, ba ya barin mutum da ciwon farfaɗiya. Hasali ma, da ana ci gaba da yi, ƙwaƙwalwar ƙara wuyar jijjiga take, har wani lokaci sai an ɗan ƙara ƙarfin na'urar a zaman baya. Kuma ba ya ƙona komai, ba ya barin tabo a ƙwaƙwalwa a hoton da ake ɗauka. A faɗa wa Inna haka.

Mutari Farmasi: Ni dai abin da na sani, yanzu abin nan ba shi da wata illa ko kaɗan. Sau ɗaya ake yi mutum ya miƙe garau kamar ba shi ba. Lawali ka sa hannu kawai, ɓata lokaci ne wannan dogon bayani, yarinya tana wahala.

Zainabu Birni: Malam Mutari, yi haƙuri, ba haka ba ne. An yi wa mahaifiyata, kuma ni na yi jinyarta. Ba sau ɗaya ba ne, kuma akwai illa. Ta samu lafiya alhamdulillahi, matar da ta kwanta ta juya wa kowa baya tana cewa cikinta ya ruɓe, ta dawo tana cin tuwo tana yi wa jikoki faɗa. Amma bikin ƙanwata da aka yi wata biyu kafin a kwantar da ita, har yau ba ta tuna shi. Mun nuna mata hotuna, ga ta a ciki da ankonta, ta ce ita ba ta san an yi ba. Ta yi kuka ranar. Babu wanda ya gaya mana haka na iya faruwa. Da an gaya mana, da za mu yarda duk da haka, amma da mun shirya.

Majur Sani: Na gode Zainabu, kin faɗi abin da ya fi muhimmanci a takardar duka. Mutari, ka yi daidai a wuri ɗaya, jinkiri na da haɗari. Sauran kuwa sai an gyara.

Ana yin shi sau biyu ko uku a sati, yawanci zama 6 zuwa 12 gaba ɗaya. Mai sandarewa kan fara nuna alama da wuri, wani lokaci bayan zama biyu ko uku ka ga ta karɓi kofi da hannunta ko ta amsa sallama. A nan dangi kan yi kuskure, su ce ta warke su ɗauke ta. In aka yanke a nan, ciwon na saurin dawowa.

Illolin ranar su ne ciwon kai, ciwon jiki da na haɓa, tashin zuciya, da ruɗewa na kamar rabin awa zuwa ƴan awoyi, ta farka ba ta san inda take ba. Waɗannan suna wucewa. Maganar mantuwa kuwa iri biyu ce, kuma ina son ka rarrabe su, Lawali. Ta farko, a cikin satittikan da ake yin maganin, sabon abu ba ya zama mata a ka. Ka zo da safe, da yamma ta ce ba ka zo ba. Wannan kan warware cikin ƴan satittika bayan an gama. Ta biyu ita ce ta mahaifiyar Zainabu, wato abubuwan da suka faru a watannin da ke kusa da jinyar su ɓace. Wasu suna dawowa a hankali, wasu ba su dawowa har abada. Ba za ta manta sunanta ko iyayenta ba, kuma karatun da ta iya tun tana yarinya ba a nan matsalar take ba, na kusa-kusa ne ke tafiya. Amma ga ƙanwarka na kusa-kusan nan shi ne ƙarshen cikinta da haihuwa da ranar suna. Tana iya tashi ba ta tuna ranar da ta haihu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mace a haihuwar fari, kuma duk takardar da ta ɓoye shi ba ta yi adalci ba.

Akwai abin da ke rage shi. In aka ɗora abin a gefen dama kaɗai, mantuwar ta fi sauƙi fiye da in an ɗora a gefe biyu. Sai dai a halin gaggawa irin wannan likitoci sukan zaɓi gefe biyu don ya fi saurin aiki. Ka tambaye shi wanne zai yi, da dalilinsa. Sau biyu a sati ma ya fi sau uku sauƙi ga tunani.

Lawali Sabon Gari: Majur, ana mutuwa? Wannan nake son in ji ƙarara, don shi Inna za ta tambaye ni.

Majur Sani: Ana iya mutuwa, amma da wuya ƙwarai. Ƙididdigar da aka tara ta nuna kimanin mutum 2 a cikin zama 100,000, kwatankwacin haɗarin allurar barci ta ƙaramar tiyata. Inda haɗarin ke ƙaruwa shi ne mai ciwon zuciya da bai daɗe da tashi ba, wanda ya yi shanyewar ɓarin jiki kwanan nan, ko mai ƙari a ƙwaƙwalwa, domin lokacin jijjigar tansiyo da bugun zuciya suna hawa na ɗan lokaci. Ga ƙanwarka, ka tabbata ka faɗa musu in ta yi hawan jini ko jijjiga lokacin ciki ko haihuwa, in ta zubar da jini da yawa, da duk abin da aka ba ta a gida. Kar ka ɓoye ko na gargajiya. Kuma tunda ta jima ba ta sha, sai an ƙara mata ruwa an gyara gishirin jininta kafin a sa ta barci. Jimawar da ta yi a kwance ma sai likitan sa barci ya sani, domin tana shafar irin allurar sakin tsokar da zai zaɓa.

Mutari, wannan fanninka ne: magunguna irin su Baliyom, Gardinal, Tegiretol da Defakin duk suna hana jijjiga, saboda haka in mutum na shan su aikin na iya ƙin yi. Likita ne zai tsara yadda za a rage, ba dangi ba.

Malam Habu Garin Malam: Ni tambayata ta wani gefe ce. Mace a cikin jego ta sandare ta daina magana, mu a wajenmu ba a rasa shafar aljanu a ciki. In an shiga wannan aiki, an rufe ƙofar ruƙiyya ke nan?

Majur Sani: Allah gafarta Malam, babu mai hana addu'a. A yi mata karatu a gefen gado, a tofa mata, babu abin da zai ɓata. Abu ɗaya nake roƙo: safiyar da za a yi aikin kar a ba ta rubutu ko zamzam ko wani jiƙo, ko da kurɓi ɗaya, sai abin da likita ya ce. Na san uwa na iya ba ta a ɓoye don ƙauna, shi ya sa nake so ka faɗa da bakinka, ta fi jin naka. In an farka an ce ta iya sha, sai a ba ta. Hayaƙi kuwa a bar shi gaba ɗaya, ga jariri ga huhunta.

Malam Habu Garin Malam: Wannan ba matsala. Neman magani ba ya karo da tawakkali. Sai dai ni ina nan a kan cewa a haɗa biyun.

Hajiya Mariyama: To wa ke da ikon sa hannun? Ni a ganina mijinta ne, tana ƙarƙashinsa. Gobe in wani abu ya faru dangin miji za su ce ba a shawarce su ba.

Baba Alhaji Mamman: Tana gidan ubanta wankan jego, a hannunsu ciwon ya same ta. Uba ne ko wanda ya wakilta.

Majur Sani: A ƙa'idar aikin likita, mai ikon farko ita ce marar lafiyar da kanta, ba miji ba, ba uba ba. Kasancewar mutum yana asibitin masu taɓin hankali ba ya nufin ya rasa ikon cewa i ko a'a. Abin da likita ke dubawa shi ne ko ta fahimci bayanin, ta riƙe shi, ta auna amfani da illa, ta kuma iya faɗin zaɓinta. In ta iya waɗannan ta ce a'a, sa hannun miji ba ya goge a'arta. Ƙanwar Lawali a yau ba ta magana, saboda haka dole wani ya tsaya mata, kuma wane ne wannan, da ko sai likita na biyu ya duba ta ya amince, dokar ƙasar da asibitin yake ce ke faɗa. Lawali ya tambaye su kai tsaye. A ganina dai a kira mijin a talho, likita ya yi mishi bayani da bakinsa, a rubuta cewa an yi haka.

Wanda ya sa hannu kuma ya sani ba ra'ayinsa ake tambaya ba. Ana tambayarsa ne abin da ita za ta zaɓa da tana cikin hankalinta. Sannan ko ba ta amsawa, a zauna kusa da ita a faɗa mata abin da za a yi, da Hausa, a hankali. Masu sandarewa da yawa in sun warke sukan ce suna jin abin da ake faɗa a kansu.

Sa hannun kuma ba na har abada ba ne. Ana iya janye shi kafin kowane zama, ba tare da an kore ku ko an daina ba ta sauran magani ba. Kuma ranar da ta fara magana ta fahimci abin da ake ciki, maganar ta koma hannunta, a sake yi mata bayani a nemi yardarta ita kanta kafin a ci gaba. Kar ka sa hannu a takardar da ba a rubuta iyakar yawan zama ba.

Zainabu Birni: Yaya Lawali, in ƙara maka abin da na koya. Ka samu ɗan littafi ka riƙa rubuta kowace rana: me ta ci, me ta ce, wa ya zo. Ku adana hotunan suna da na jaririn. In ta tashi tana tambaya za ku samu abin nuna mata. Kuma maganin da za a ba ta bayan an sallame ku, kar a bari ya yanke. Mu mun sake da muka ga ta warke, bayan wata biyar ciwon ya fara leƙowa.

Majur Sani: Haka ne. Lantarkin yana fitar da mutum daga ciwon, amma ba ya hana shi dawowa. A masu ciwon damuwa, ko da ana shan magani, kusan rabi sukan sake fama cikin shekara ɗaya, in ba a sha ba kuwa abin ya fi haka. Kafin ku baro can ku karɓi takardar da ta faɗi zama nawa aka yi da magungunan da aka ɗora ta a kai, ku kawo wa likita nan Damagaram ya ci gaba da bibiya. Ku tambayi wane magani ne ya dace da mai shayarwa. Kuma duk ranar da ta sake samun ciki, a faɗa wa masu awo tun farko, domin irin wannan ciwo yana yawan dawowa a haihuwa ta gaba.

Lawali Sabon Gari: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rubuta tambayoyin. Amma Majur, in na je gobe suka ce mini ba su da likitan sa barci, haka nan suke yi fa? Ga ta ba ta ci.

Majur Sani: Ni ba zan ba ka shawarar ka yarda a yi mata ido biyu ba. Ka nemi su tura ku inda ake sa barci, kafin nan a riƙe ta da ƙarin ruwa da abinci ta tiyo, a kuma tambayi likita ko akwai sauran wurin ƙara lorazefam ɗin.

Mutari Farmasi: In wurin da nisa fa, kuɗin mota babu, yarinya na ƙara ramewa? Akwai likitocin da ke cewa gara a yi hakan da a rasa rai.

Majur Sani: Akwai masu faɗin haka, kuma ba don mugunta ba. Ni dai ban tare da su. Lawali, ka fara jin amsarsu tukuna, ka kira ni daga can in kana gaban likitan, lambata na wajen Hajiya.

Hajiya Mariyama: Zan tura maka yanzu. Wa ke riƙe da jaririn, kuma me ake ba shi?

Lawali Sabon Gari: Yana wajen yayarmu, madarar gwangwani ake ba shi. Zan kira mijin yau da dare.